Tefa 1:10 a kan shaf mai kauri 40: nawa ne ƙaramin baki, kuma digiri nawa zan juya?

Sani_Muciya:
Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Ina neman taimako kafin in taɓa ƙarfe. An kawo mana aikin shaf na injin niƙa daga wajen Giwa, tsohon ya karye daidai inda fuli yake zama. Mai injin ya zo da takarda da wani ya zana masa: babban baki 40, tefa, wato tsukewar ƙarshen shaf ɗin, 1:10, tsawo 60, duk a milimita. Ba a rubuta ƙaramin baki ba, ba a rubuta digiri ba. Maigidana ya tafi Kano sai jibi, shi kuma mai injin yana ta kira. Ni na lissafa na samu ƙaramin baki 34, wanda muke aiki tare ya ce 28 ne. A kan digiri kuma, na danna a waya ta ba ni 5.7, amma da na juya kampawun, ɓangaren injin tanin da ake karkatawa mai ɗauke da wuƙa, zuwa nan sai idona ya ce ya yi yawa. Ƙarfen guda ɗaya ne, babu na gwaji. Wanne ne daidai?

Garba_Walda:
Wa alaikumus salam. 28 ne. Kowane 10 ka sauka 1, a 60 ka sauka 6. To ƙarfe ai gefe biyu gare shi, 6 sama 6 ƙasa, 12 ke nan. 40 a cire 12 saura 28.

Hauwa_Samaru:
Malam Garba, ka yi haƙuri, 34 ne. Zane nake koyarwa, kuma a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. In an rubuta 1:10 a kan abu mai zagaye irin shaf, ana nufin kaurin gaba ɗaya ne yake raguwa da milimita 1 a kowane milimita 10 na tsawo. An riga an haɗa gefe biyun a cikin wannan 1 ɗin, kowane gefe rabin milimita yake bayarwa. Saboda haka:

```
d = D - L/10
d = 40 - 60/10 = 34
```

6 ɗin da ka samu daidai ne, amma shi ne jimillar. Kowane gefe 3 zai sauka.

Garba_Walda:
To Malama, amma ni na sha yin ki mai gangara, ɗan ƙarfen nan da ke kulle fuli a jikin shaf, in an ce 1:100 gefe ɗaya muke saukewa gaba ɗaya, ba ma rabawa.

Hauwa_Samaru:
Gaskiyarka a kan ki. Shi ƙasansa a miƙe yake, bayansa kawai yake gangarawa, don haka duk saukar a gefe ɗaya take. Shaf kuwa juyawa yake a inji, duk abin da wuƙa ta ci a gaba ta ci shi a baya. Dubi alamar da ke gaban lambar ma a zane mai kyau: ta tefa alwatika ce mai gefe biyu daidai, ta gangara kuma gefenta ɗaya a kwance yake. Sani, akwai alama a takardar taka?

Sani_Muciya:
Babu, Malama. Da biro aka rubuta 1:10 kawai a saman layin.

Baba_Tana:
Sani yarona, sannu da ƙoƙari, kuma ka kyauta da ka tsaya ka tambaya. Malama ta gama maganar ƙaramin baki, 34 ne. Bari in ɗauki ta digiri, don idonka bai yi maka ƙarya ba.

Kusurwa biyu ce a tefa. Akwai cikakkiya, wadda take tsakanin layin sama da layin ƙasa in ka kalli shaf ɗin daga gefe. Akwai kuma rabinta, tsakanin layi ɗaya da tsakiyar ƙarfen. Wuƙarka gefe ɗaya take bi, saboda haka rabin ake juya kampawun, cikakkiyar kuma ita ake rubutawa a takarda.

Ka zana alwatika a ƙasa da alli ka gani. Kwancenta 60 ne, tsayuwarta 3, wato abin da gefe ɗaya ya sauka. 3 a raba da 60 ya ba ka 0.05. Wannan za ka ba kalkuleta:

```
tan(a/2) = (D - d) / (2 x L) = 6/120 = 0.05
a/2 = 2.862
a = 5.725
```

To ka ga 5.7 ɗin da wayarka ta ba ka kusan cikakkiyar ce. Da ka yanka a kanta, kowane gefe zai sauka 6 maimakon 3, ƙaramin bakinka ya fito 28. Lissafin abokin aikinka da juyin da ka yi wa kampawun duk wuri ɗaya za su kai ka, kuma da ka auna ka ga 28 sai ku ce ai ga shi ya yi daidai da lissafi, sai an kawo fuli a ga yana rawa. Wannan ne ya sa kuskuren yake da haɗari, yana gaskata kansa. Ka mayar da kampawun ƙasa da 3 kaɗan.

Mubarak_Poli:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Tambayata, me ya sa sai an bi ta rabi? Ni ina danna SHIFT tan na 1/10 kai tsaye in samu 5.71, in raba biyu. Ai duk ɗaya ne da naka.

Baba_Tana:
Amin. Ba ɗaya ba ne, kusa ne. Naka 5.711, nawa 5.725. A 1:10 bambancin bai kai a ji shi a hannu ba, shi ya sa hanyarka take wucewa ba a kama ta. Amma tan da alwatika mai kusurwar digiri 90 yake aiki, kuma tefa ba ta da ita sai ka tsaga ta biyu ta tsakiya. Gwada da 7:24, tefar bakin injin milin. Hanyarka za ta ba ka 16.26, gaskiyar kuwa 16.59 ce. Sulusin digiri ke nan ya tafi, kuma a irin wannan wuri ba a yafe shi. Ka saba da hanyar da take aiki a ko'ina.

Mubarak_Poli:
Na danna, haka ne. Na gode Baba.

Dan_Kwangila:
Ni tawa 0.0499 take ba ni in na danna 0.05 ɗin. Ko wayar ce?

Hauwa_Samaru:
Tana kan RAD ne. Ka nemi inda aka rubuta RAD ka taɓa ya koma DEG, ka sake dannawa.

Sani, wani abu kuma kafin ka je kan inji. 2.862 ba digiri 2 da minti 86 ba ne, minti 60 ne kawai a digiri. Ka ɗauki 0.862 ka ninka da 60, ya ba ka 51.7. Wato rabin kusurwa digiri 2 da minti 52 in an cike, cikakkiya kuma digiri 5 da minti 43 da rabi.

Oga_Ilu_PZ:
Duk wannan lissafin yana da kyau a takarda. Amma wane inji ne a Sabon Gari yake nuna minti 52? Namu layukan digiri ɗaya ɗaya ne, wasu ma sun goge. Ka sa a kan 3 ka yanka kawai, noti zai ja sauran. Shekara da shekaru haka ake yi.

Injiniya_Bello:
Oga Ilu, da girmamawa, noti ba ya gyara kusurwa. Mu lissafa 3 ɗin mu gani. tan na 3 shi ne 0.0524. Ka ninka da 60, ka ninka da 2, kaurin ya ragu da 6.29 ke nan. Ƙaramin baki ya zama 33.71. Kusan 0.3 ya ɓace a ƙarshe ɗaya. Fulin zai kama a babban baki kawai, can gaba kuma akwai iska tsakaninsa da shaf. Ranar farko za ka ji shi gam. Amma bel yana jan fuli gefe ɗaya, injin niƙa kuma yana fizga duk sanda aka zuba hatsi, sai fulin ya fara lilo a kan wannan siririn zoben da yake kamawa. Nauyin da ya kamata tefa ta ɗauka sai ya koma kan ki, gidan ki ya buɗe, noti ya dinga kwancewa. In ka cire irin wannan fulin za ka ga jan gari kamar tsatsa a inda yake gugar. Ni da zan ga karyayyen shaf ɗin da aka kawo wa Sani, wurin zan fara dubawa.

Oga_Ilu_PZ:
Ban ce ba ka da gaskiya ba Injiniya. Cewa na yi ba mu da abin da za mu ga minti da shi. Kuma ni in na sa a 3 ba a nan nake tsayawa ba, ina gwadawa da fulin in ɗan bubbuga kampawun.

Baba_Tana:
To Ilu, yanzu ka faɗi rabin da ka bari, kuma shi ne mai muhimmanci. Layukan jikin kampawun na kusantarwa ne kawai. Ga yadda ake kamo minti ba tare da an gan shi ba, in akwai dayal, agogon awon nan mai allura.

Tun shaf ɗin yana miƙe, bayan ka yi masa tanin ya zama 40 daga farko har ƙarshe, kada ka kwance shi. Ka ɗaura dayal a mazaunin wuƙa, bakinsa ya taɓa gefen ƙarfen a daidai tsayin santa, wato tsakiyar ƙarfen, ya tsaya a miƙe yana fuskantar ƙarfen. Ka kulle keken inji. Ka juya hannun kampawun gaba kaɗan don ka cinye lagwadar sukurun, ka sa dayal a sifili. Sai ka tura kampawun milimita 50 cif da lambobin hannunsa. Allura ta motsa 2.50, in an bi diddigi 2.497. In ta wuce haka ka buɗe da yawa, in ba ta kai ba ka ƙara. Ka sassauta notuna biyun kaɗan, ka bubbuga da katako, ka sake gwadawa. Bayan ka ɗaure ka sake gwadawa kuma, don ɗaurin kansa yana jan shi.

Da juyin 3 ɗin nan allura 2.62 za ta nuna. Abin da ido ba ya gani a layin digiri, ga shi layi goma sha biyu a fuskar dayal.

Mubarak_Poli:
Baba me ya sa 2.497 ba 2.5 cif ba? 50 sau 0.05 ai 2.5 ne.

Baba_Tana:
Don kampawun a karkace yake tafiya, 50 ɗinsa a kan gangaren ne, sai a ninka da sin maimakon tan. A wannan kusurwar bambancin bai kai rabin layin dayal ba. Haka ma tsawon, don ka ci 60 a miƙe kampawun zai yi tafiyar 60.07. Amma ka riƙe a kai cewa 60 na takarda tsawon tsakiyar ƙarfe ne.

Usman_Danmagaji:
Me zai hana ya goce telstok, abin da ke tokare ɗaya ƙarshen ƙarfen, kawai ya bar inji ya ja da kansa? Fuska ta fi fitowa sumul. Ni haka na yi wani dogon sanda na injin bulo, ya fito kamar an goge.

Injiniya_Bello:
Ya danganta da tsawon shaf ɗin gaba ɗaya, don gocin telstok da dukkan tsawon ake lissafa shi. Tsawon duka sau 0.05. In shaf ɗin 300 ne, gocin 15 ke nan, kuma wannan ya yi wa santa yawa, ba za ta zauna daidai a raminta ba, telstok da yawa ma ba sa kaiwa can. Naka na injin bulo ina jin tefarsa mai laushi ce a kan dogon jiki, can ne wannan hanyar take da daɗi. Tefa ta 60 aikin kampawun ne.

Usman_Danmagaji:
Eh gaskiya nawa kusan duk tsawon ne, kuma saukar ba ta fi 2 ba.

Garba_Walda:
Ni dai da an kawo mini tsohon da na ɗinke shi da walda an yi tanin, an huta da sayen ƙarfe. Yanzu guntun shaf mai kyau a 'yan gwangwan sai ka yi ciniki kamar za ka sayi akuya.

Dan_Kwangila:
Wallahi. Kuma rabin abin da suke cewa aksil ne in ka sa wuƙa sai ka ji laushi.

Oga_Ilu_PZ:
Waldar shaf a daidai wuyan fuli ba ta daɗewa Garba, a gefen ɗinkin yake sake tsinkewa. Wannan kam na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Hauwa_Samaru:
Mu dawo kan takardar Sani, don akwai abin da ban ji an tambaya ba. 60 ɗin nan daga ina zuwa ina aka ja layinsa? Irin wannan shaf yana ƙarewa da zaren noti. In 60 ɗin ya haɗa da zaren, tefar ba ta kai 60 ba. A ce zaren 15 ne, tefa 45 ke nan, ƙaramin baki ya koma 35.5. Digirin bai canza ba ko kaɗan, don shi daga 1:10 kawai yake fitowa, ko tefar 20 ce ko 200. Tsawo ƙaramin baki kawai yake taɓawa. Saboda haka kana iya saita kampawun yanzu hankali kwance, amma inda za ka fara da inda za ka tsaya sai an tabbatar.

Sani_Muciya:
Malama, layin 60 ɗin ya fara daga babban baki, amma kibiyar ƙarshen ta faɗa tsakanin ƙarshen tefa da zaren, ba a gane inda ta tsaya. Guntun da ya karye mai zaren kuma bai zo da shi ba, ya ce ya faɗa cikin dusa. Fulin dai yana nan. Na auna shi da kalifa yanzu: tsawon raminsa 50, babban baki 39.6, ƙarami 34.9.

Mubarak_Poli:
Bambanci 4.7 a kan 50. Wannan 1:10.6 ne. Anya ba 1:12 ba ne aka rubuta 1:10? Tsofaffin injuna na inci suna da inci ɗaya a ƙafa ɗaya.

Baba_Tana:
Da 1:12 ne da bambancin 4.2 zai zama, 1:10 kuma 5. Naka ya fi kusa da 5, kuma na san inda 0.3 ɗin ya shiga. Sani, in ka zura kunnuwan kalifa ta babban baki, ramin yana matsewa ciki, don haka ƙarshen kunnuwan ne yake taɓawa, can ciki, ba a bakin ba. In ka zura su milimita 3, ka auna wurin da ya fi bakin matsewa da 0.3. Ta ƙaramin baki kuwa ramin buɗewa yake yi ciki, sai kunnuwan su kama a bakin daidai. Ina jin babban bakinka 39.9 ne. Kalifa ba ta yanke hukunci a ramin tefa, nuni kawai take yi.

Hukuncin na alƙalamin maka ne. In ka kusa gamawa, ka bar kamar rabin milimita, ka ja layi uku da maka a tsawon tefar, ka sa fulin da hannu ka murza shi kaɗan, kwata ya isa, ka cire. In ya goge a babban baki kawai, kusurwarka ta yi yawa. In a ƙarami kawai, ta yi kaɗan. In ya goge a tsakiya ko a baki biyu ya bar tsakiya, ka fara duba tsayin wuƙarka, don wuƙar da ba ta kan santa ba ta fitar da layi miƙaƙƙe a tefa, ko kuma ramin fulin ne ya ci. Kuma ka tafi a hankali a cin ƙarshe: a 1:10, duk 0.1 da ka rage a kauri, fuli zai ƙara shigewa milimita 1 cur. Mutum yana ganin ɗan shafa ya yi, sai ya ga fuli ya wuce layin bel.

Injiniya_Bello:
Baba, awon Sani ya tono wani abu. Ƙaramin bakin fuli 34.9 ne. A shaf mai farawa da 40, ana kaiwa 34.9 a milimita 51 daga babban baki. In tefar ta kai 60, kusan 9 za ta leƙo ta gaban fulin. Noti zai je ya tokare da kafaɗar shaf ya ɗaure gam, fulin kuma ba abin da ya matse shi. Dole fuskar fuli ta ɗan wuce ƙarshen tefa kafin noti ya yi aikinsa. Ni wannan ya sa nake ganin Malama ta taɓo gaskiya, 60 ɗin ya haɗa da wani abu. Tefa ta 48 za ta ba da ƙaramin baki 35.2, fulin ya wuce ta da kamar 3.

Oga_Ilu_PZ:
In haka ne zaren 12 kawai ya rage, a cire 3 da fuli ya rufe, a cire kaurin wasa, faifan da ake sawa ƙarƙashin noti. Wane noti ne zai zauna a nan a kan shaf mai 40? Ni na fi zaton 60 ɗin tefa ce, akwai zobe mai kauri da ake sawa tsakanin fuli da noti, ya faɗa dusar tare da guntun. Na sha ganin irinsa a injin niƙa. Ko kuma fulin ba na asali ba ne, an canza shi da gajere.

Injiniya_Bello:
Zai yiwu. Sani, dubi fuskar fulin ta wajen ƙaramin baki. In akwai zobe zai bar sawu mai faɗi zagaye, noti kuma sawunsa daban.

Sani_Muciya:
Akwai sawu zagaye mai sheƙi, faɗinsa ya kai 55 daga gefe zuwa gefe. Amma ban iya bambance na zobe ne ko na wasa ba.

Hauwa_Samaru:
Daga nan ba za mu iya rabewa ba. Ka kira mai injin ka tambaye shi abin da yake cirewa bayan noti in zai fitar da fuli, kuma ya sa yara su tankaɗe dusar nan.

Baba_Tana:
Kafin ya amsa, ka yi abin da ba ya jiran amsa. Ka yi tanin zuwa 40, ka saita kampawun da dayal a 2.50 cikin 50, ka bar ƙarshen ƙarfen da tsawonsa kada ka datse. In ka fara tefar daga alamar babban baki, jikinta ɗaya ne ko a 48 za ta tsaya ko a 60, abin da ya bambanta kawai inda za ka sauke kafaɗar zaren. Wannan kafaɗar ita za ka bari sai an ji daga Giwa ko maigidanka ya dawo.

Sani_Muciya:
To Baba. Dayal ɗinmu yana kulle a akwatin maigida, zan aro na maƙwabcinmu bayan la'asar in an kawo wuta. Na kira mai injin bai ɗauka ba, na tura masa saƙo a kan zoben.